Hajiya ta ce ya yi tsada

Saƙon murya na minti huɗu Hajiya ta turo min. Minti uku gaisuwa ce, da tambayar lafiyar Umma, da yaushe zan yi aure. Aikin kansa yana can a ƙarshe: "Ɗana, takardar da ake liƙa wa kwalbar humrata nake so ka canja min. A yi shi firimiyam. Wanda ya gani ya san abu ne mai tsada."

Na ce an gama, Hajiya. Ban tambaye ta komai ba, don a lokacin gani nake tambaya rage wa mai sana'a daraja take yi.

A wurinmu masu zane a kwamfuta, in aka ce abu ya yi tsada, fili muke ji. Sai na buɗe manhajar zane ta CorelDRAW, na bar takarda fara fat, na sa sunan humrar ɗan mitsitsi a tsakiya, na tura ina jiran yabo. Amsarta ba ta kai daƙiƙa goma ba: "Wuta aka ɗauke maka ne ba ka ƙarasa ba?"

To, tunda fili bai yi ba, sai na juye mata kayan lefe gaba ɗaya. Kambin sarauta a sama, furanni a kowace kusurwa, salon rubutu iri biyar, kowanne da inuwarsa, ga ruwan gwal ko'ina. Ta duba ta ce wannan ai kalandar biki ce, saura hoton amarya da ango.

Kwana shida na ɓata kafin na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na sa rula a aljihu na tafi gidanta. Na ce, "Hajiya, don Allah ki ɗauko min abu uku a ɗakinki da kike ganin kwalinsu ya yi tsada, da guda ɗaya wanda kika raina." Ta harare ni kamar na nemi a buɗe min adaka, amma ta tashi. Ta dawo da kwalin turaren da ta sayo a Makka, da kwalin agogon Alhaji, da na wani dabino da aka kawo mata tsaraba. Na rainin kuwa ledar wani sabulu ce, wadda ta ajiye da yatsu biyu.

Na jera su a kan tabarma ina aunawa, jikokinta sun zagaye ni suna kallon mahaukaci. Ukun nan duk launinsu mai duhu ne, kuma ba mai ƙyalli a cikinsu. In ka shafa sai ka ji laushi. Ba wanda ya wuce launi biyu. Gwal ɗin da na ɗauka tana so a yi wa wanka da shi, a kan suna kawai yake da wani siririn layi. Daga gefen kwali zuwa rubutu akwai tazara mai kyau. Ledar sabulun kuwa launi bakwai na ƙirga, tana walƙiya kamar an shafa mata man gyaɗa, rubutu har bakin gaɓa. Ashe fili Hajiya ba ta ƙi shi ba. Farin ne ta tsana, don a idonta farar takarda ba a kashe mata ko sisi ba.

A nan zaune na rubuta yarjejeniya a bayan wani rasit. Takarda santimita 6 a faɗi, 9 a tsawo. Baƙi da gwal, babu na uku. Milimita 8 daga kowane gefe ba a rubuta komai. Salon rubutu ɗaya, girma biyu: suna a maki 22, bayani a maki 7. Gwal a kan suna da layi ɗaya kaɗai. Leda marar ƙyalli a sama. Kuma sitika ta roba, ba ta takarda ba, domin humra mai ce, ɗigo ɗaya ya gangaro takarda za ta shanye shi ta yi tabo. Na karanta mata, ta ce ita ba ta san wani maki ba, amma in zai yi kama da kwalin agogon Alhaji ta yarda. Na sa ta maimaita a saƙon murya, saboda gaba.

Na tafi wurin mai ɗab'i ina taƙama, na ce a buga min gwaji guda ɗaya. Allah ya so ni da guda ɗaya na ce. Gwal ɗin da ke sheƙi a fuskar kwamfutata, `#D4AF37`, ya fito launin miyar taushe. Baƙin kuma ya fito kamar gawayin da aka yayyafa wa toka. Mai injin ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Malam, injin nan tawada huɗu ya sani: shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi. Duk yadda ka gauraya su ba za su zama ƙarfe ba." Sheƙin da nake gani hasken allo ne. Gwal na gaske wata siririyar leda ce da ake dannawa da zafi, da hatimin ƙarfe da ake sassaƙa wa aikin musamman. Dole in ware sunan da layin a shafi daban, baƙi wuluk, a yi hatimin da shi. Kuɗin hatimin ɗaya ne ko kwalba ɗari za a yi ko dubu, shi ya sa ƙaramin aiki yake jin jiki. Baƙin kuwa na bar shi a `K100` ne kawai, wato baƙar tawada zalla. Sai an yi masa shimfiɗa da sauran tawadar yake cika ido, wato `C60 M40 Y40 K100`. Ya ƙara min da cewa siririn rubutun da aka bari fari a kan irin wannan baƙin, in ya yi ƙasa da maki 7, tawada na iya cinye shi.

Ina cikin rubuta wannan darasi yaron shagon ya ce, "Oga, mene ne amshi?" Na karɓi takardar. Inda na rubuta "Ƙamshi mai daɗewa", wani ɗan akwati ne a mazaunin Ƙ, wani kuma a tsakiyar daɗewa. Kwamfutarsu ba ta da salon rubutun da na yi aiki da shi, wanda ta musanya da shi kuma bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Na koma `Noto Serif`, wanda yake da ƙ da ɗ da ɓ, na zaɓi rubutun duka na danna `Ctrl+Q` ya zama zane, yadda ba injin da zai sake taɓa min shi.

Gwaji na uku ya fito yadda ake so. Na liƙa a kwalba na kai. Hajiya ta juya ta a hannu, ta kai bakin taga, ta shafa da babban yatsa, ta ce, "Yauwa! Ai abin da nake ta faɗa maka ke nan tun farko." Na haɗiye maganata, na ce haka ne, Hajiya.

Har na sa takalmi ɗaya ta kira ni. Ta ce ta lura akwai wuri da ya rage a gefe-gefen nan, kuma asara ce a bar shi haka. A sa lambobin wayarta uku, da ta ƙanwarta ta Kaduna, da "muna aikawa ko'ina a faɗin ƙasa". Na ciro waya na kunna mata muryarta tana cewa ta yarda. Ta saurara har ƙarshe, ta ce lallai muryarta ce, amma ranar ba ta sa tabarau ba. Da ƙyar muka sasanta a kan wata sitika ta biyu a bayan kwalba. Lamba biyar ce a kanta yanzu, don Alhaji ma ya ce a sa tasa.