Ki ji tsoron Allah a kan sodar da kike zubawa a sabulu

Assalamu alaikum 'yan uwana mata masu haɗa sabulu a gida. Jiya wata maƙwabciyata nan Gadarif ta nuna min hannayenta, tsakanin yatsu duk ya tsage, fata ta saɓule, kuma ba komai ya ja mata ba illa sabulun wanki da ta saya wajen wata 'yar uwarmu. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Na san halin da ake ciki, tun da yaƙi ya ɓarke nan Sudan a 2023 komai ya yi tsada, mata da yawa da sabulun nan suke rufa wa gidajensu asiri, Allah ya sa albarka. Amma 'yar uwa, me ya sa kike auna soda da kofin shayi? Me ya sa da ido? Sodar nan da ake ce wa soda kawiya a kasuwa wuta ce fa, kuma kowane mai da irin adadin da yake iya ci. Kilo ɗaya na man gyaɗa yana cin kusan giram 136, kitsen shanu kusan 140, shi kuwa man kwakwa sama da 180 yake ci. To sai ki ga mace ta karɓi awon da aka yi don man kwakwa, ta ga ya yi mata tsada ta zuba man gyaɗa a madadinsa ba ta taɓa sodar ba, kin ga kenan a kowane kilo akwai kusan giram 50 na soda da bai samu man da zai haɗu da shi ba, yana nan zaune cikin sabulun yana jiran fatar baiwar Allah da za ta yi wanki ko ta yi wa yaronta wanka.

In kina son na gida mai kyau ki ɗauki man gyaɗa giram 700 da kitse narkakke tatacce giram 300, don man gyaɗa shi kaɗai sabulunsa laushi ne, kitsen ke ba shi tauri. Lissafin sodarsu giram 137 ne, sai ki rage kaɗan ki sa 130 don ɗan man da ya saura ya tausasa fata. Ruwa kamar giram 300, sodar ake zubawa cikin ruwa ba ruwa a kan soda ba, kuma ban da tukunyar alminiyam. Ƙaramin sikeli kawai ake buƙata. Don Allah ki saya.

Sai kuma gaggawa. A yanka yau, jibi yana kan tire a kasuwa. Haba! Sabulun da aka haɗa ba a dafa ba yana buƙatar sati 4 zuwa 6 a inuwa inda iska ke ratsawa kafin ruwansa ya fita ya yi tauri. Ɗanye ya fi nauyi a hannu, ke ma kin sani, ruwa kike sayar wa mutane da kuɗin sabulu, mai saye ta kai gida kwana kaɗan ya narke ya zama kunu. Wannan algus ne ko da ba ki kira shi da sunan ba, kuma duk mun san abin da Manzon Allah (SAW) ya ce a kan mai algus.

Ke kuma mai saye, ki danna shi da babban yatsa, in ya lotsa bai bushe ba. Ki ce a yanka miki ɗaya ki duba cikinsa. In yana marmashewa, ko kin ga fararen ƙwayoyi ko 'yan ramuka masu ruwa a ciki, soda ta yi yawa ko ba ta narke ba, ki ajiye shi. Farar hoda da ke kan bayansa kawai ba matsala ba ce, tana wankewa. Ɗigo-ɗigo masu ruwan lemo da warin tsohon mai kuwa, man ya lalace, kar ƙamshin turare ya rufe miki hanci. Na kamfani ki juya bayan takardar, wasu suna rubuta `TFM`, wato yawan mai a cikinsa, 76% zuwa sama shi ne mai daraja, in ya sauka sosai an cike gurbin da ruwa da hoda. In kin kai gida ki fara wanke hannu da shi, in kin ji zafi ko raɗaɗi kar ki kai shi jikin yaro.

Ki mayar wa wadda ta sayar miki, ki faɗa mata cikin mutunci ba a gaban mutane ba, wata wallahi ba ta sani ba ne, haka aka koya mata. Ke kuma da aka mayar wa, kar ki yi fushi, kar kuma ki juya ki sayar wa wata. Ki auna sodarki 'yar uwa, ki bar shi ya bushe, don girman Allah ki auna.