Tibina ta ƙoshi, ta ce ba ta ƙara ko loma

Jama'a tibin falona ta tsufa amma ba ta yarda ba. Simat ce ta hannu, a Sabon Gari na saye ta, mai shagon har da rantsuwa wai sai jikokina sun gaje ta. To daren Juma'a an kawo wuta, uwargida ta ajiye tuwo, yara sun jeru a kafet za a kalli sabon fim, na danna manhajar kallo sai tambarinta ya fito, ya ɗan yi juyi, fit! ta dawo da mu shafin farko. Na sake dannawa, haka. Na zare soket na mayar, haka. Babban ɗana ya ce Baba afdet take so.

Muka shiga Play Store, afdet ya fara sauka har ya kusa kai ƙarshe sai tibi ta ce babu wuri. Na ce wane irin babu wuri, ni da kwali ya ce giga 4? Ashe tsarin tibin kansa ya cinye fiye da rabi, sauran kuma manhajojin da ta zo da su daga kamfani sun zauna daram kamar 'yan gado, ba sa goguwa, iyaka ka kashe su. Abin da ya rage mana bai kai mega 200 ba. Kuma abin haushin, afdet ba ya hawa kan tsohuwar kai tsaye, sai ya haɗa sabuwar gaba ɗaya a gefe tukuna, wato wurin biyu yake nema a ɗakin da ɗaya ma da ƙyar.

Muka bi Settings, Apps, muna danna Clear cache ɗaya bayan ɗaya, tarkacen hotunan da manhajoji ke ɓoyewa kenan. Muka samu 'yan mega. Na goge gem ɗin motar Auta yana ihu yana birgima, tuwo kuwa tuni ya sandare. Duk da haka babu wuri.

Sai yaron ya ce Baba a goge manhajar ɗungurungum a sauke sabuwa fil, ai in tsohuwar ta tashi wurinta ya samu. Wallahi kuwa ta hau! Har an fara tafi sai ga allo yana tambayar imel da fasuwod, don gogewa tana tafiya da shigar da aka yi tun farko.

Asusun kuwa na ƙanin uwargida ne, wanda yake bina dubu 15 tun ƙaramar sallah nake kewaye layinsu. Ta kira shi ta saka a sifika, ya ce "Yaya ba matsala, ba ni Alhajin mu gaisa tukuna."