"Za a duba": wa ke nan?

Shekara uku ke nan ina riƙe da sakataren ƙungiyar unguwarmu, kuma na gano babban mai kashe mana aiki. Ɗan ƙaramin "a" ɗin nan ne na Hausa. "Za a gyara." "A tuntuɓi mai gyara." "An amince a sayo." Da shi mutum zai faɗi aiki cikakke ba tare da ya ɗora wa kowa ba. A zaman dattawa ladabi ne, ba ka nuna babba da yatsa ka ce kai za ka yi. Amma idan ya shiga rahoton taro a haka, aikin ya zama jifan gafiyar Ɓaidu.

Ga yadda wani sakin layi ya fito a rahotonmu na taron Asabar, 4 ga wata:

"An tattauna sosai kan famfon burtsatse da ya lalace. Wasu sun ce injin ne, wasu sun ce waya ce. Ma'aji ya ce akwai ɗan abin da ya rage a asusu. An amince a nemo mai gyara ya duba, a kuma sanar da masu gidaje batun karo-karo nan ba da jimawa ba. An kuma yi maganar kwata."

Kowa ya ji an yi aiki. Ni da na zauna da jan biro washegari, aiki biyu kawai na tsinta a ciki: nemo mai gyara, da sanar da masu gidaje. Gardamar inji ko waya hira ce. Maganar ma'aji bayani ne. Kwata kuwa an taɓo ta ne aka wuce, babu shawarar da aka yanke, don haka wurinta ajandar zama na gaba. Gwajina ɗaya ne: in an dawo taro, zan iya tambaya "an yi ko ba a yi ba?" a amsa da kalma ɗaya? In ba zai yiwu ba, ba ya shiga jadawali.

Shi ya sa ma "nemo mai gyara" bai ishe ni ba. Mutum zai buga waya sau ɗaya ya ce ya nema. Sai na mayar da shi "kawo kiyasin kuɗin gyara a rubuce". Takarda ko tana hannu ko ba ta hannu.

Sai mai aiki. A nan nake da taurin kai: mutum ɗaya tak. Ba na rubuta "kwamiti", ba na rubuta "matasa", ba na rubuta "shugaba da ma'aji", don kowannensu zai zauna yana jiran ɗan'uwansa. Kuma sakatare ba shi da hurumin ƙaƙaba wa wani aiki a bayan idonsa. Inda rahoto bai faɗi suna ba, na bar gurbin fayau, na kira shugaba na ce, ranka ya daɗe, kiyasin nan wa muka ba? Ya ce mataimakinsa. Na kira mataimakin, ya ce ya karɓa, sannan na rubuta.

Rana ma haka. "Nan ba da jimawa ba", "bayan Sallah", "ƙarshen wata in Allah ya kai mu" duk ba rana ba ce. In sha Allah muna faɗa da zuciya ɗaya, amma a gefensa a sa lamba. In an ce mako biyu a taron 4 ga wata, 18 ga wata ke nan, kuma daga ranar taro ake ƙirgawa, ko da sai bayan kwana biyar na buga rahoton. Akwai kuma abin da sai an jera ayyukan yake bayyana: ba za a gaya wa masu gidaje nawa za su bayar ba kafin kiyasi ya zo. Sai kiyasi ya samu 11 ga wata, sanarwa 18.

Jadawalin kansa gida biyar ne: lamba, aiki, mai aiki, rana, matsayi. Littafi mai layi ya isa. Ni a Google Sheets nake yi, na ƙara wannan a gida na shida:

```
=IF(AND(D2<TODAY(),E2<>"an gama"),"ya wuce lokaci","")
```

Hattara ɗaya. In ka rubuta "18 ga wata" da kalmomi, manhajar za ta ɗauke shi a matsayin rubutu, ba za ta taɓa cewa lokaci ya wuce ba. Alamar ita ce ranar gaske tana jingina dama a gurbinta, rubutu kuwa hagu. Gurbin da aka bari babu rana zai nuna ya wuce lokaci tun ranar farko, ni kuma hakan nake so, don ya riƙa tsone mini ido.

Wani dattijo ya ce na mayar da zumunci aikin ofis, kuma na fahimce shi, don karanto sunan mutum a gaban jama'a ana cewa bai yi ba akwai nauyi. Shi ya sa kwana biyu kafin taro nake tura wa kowa layinsa shi kaɗai ta WhatsApp. A taron ma aikin nake karantowa na yi shiru, mai shi ya yi bayani da bakinsa. Kwata dai an sake taɓo ta a zaman da ya wuce, kuma har yanzu gurbin mai aikinta fayau yake.