Injiniyoyinmu, ba sa hannun babban mutum ake nema ba

Duk lokacin da matasanmu na Polytechnique Marwa ko masu fitowa daga ENSTP Yawunde suka fara zancen rajistar injiniya, tambayarsu ta farko ita ce wa zai sa min hannu, kuma wallahi tambayar nan tana damuna. Nan gida Kamaru injiniyan gini yana shiga ONIGC, ƙungiyar injiniyoyin gini ta ƙasa, wannan dole ne ga mai son aiki da sunansa. Amma masu hangen waje, wato COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, ko CEng, matsayin injiniya mai rajista na Ingila, hanyar daban take kuma a nan ake ta faɗuwa.

COREN suna son shekara 4 na aiki bayan digiri. Su Ingila ba shekaru suke ƙirgawa ba, ƙa'idarsu UK-SPEC abu biyar take dubawa, ilimi, zane da warware matsala, ɗaukar nauyi da jagoranci, iya magana da mutane, sai riƙon amanar sana'a. To mutum zai iya shekara goma a shantiye yana bin patiron da kaset a hannu, ba a taɓa barinsa ya yanke hukunci ko ɗaya ba, wannan a wurinsu bai tara komai ba tukuna.

Ga irin abin da suke nema. Wani ƙanena yana aikin dalo, wato kwalbati, a kan wani mayo, takardar aiki ta ce ƙarfin beton ya kai megafaskal 25 a kwana 28. Labo ta fasa samfur na kwana 7 aka samu 13, alhali abin da ake sa rai wajen 16 ne ko 17. Shef ɗinsa ya ce a ci gaba kawai zai hau. Yaron ya ƙi, ya tsayar da zuba na gaba, ya ɗebi yashin ya zuba a kwalba da ruwa ya girgiza, da ya kwanta sai ga laka ta yi kauri a sama, ashe daga bakin mayo ake kwasowa inda ƙasar karal ta gauraya. Ga kuma zafin Afrilu, lebura suna ƙara ruwa a injin kwaɓi da bokiti don ya yi musu saukin zubawa. Ya sauya wurin ɗibar yashi, ya sa gwangwanin awo guda ɗaya na ruwa, ya mayar da zuba zuwa bayan asuba, ya sa a rufe da buhu jiƙaƙƙe har mako guda, ɓangaren da aka riga aka zuba kuma ya nemi a huda a ciro samfur kafin a ɗora masa komai. Kwana huɗu aikin ya tsaya kuma shi ya rubuta wa mai kula da aiki dalili.

Wannan labarin guda ya taɓa kusan duka biyar ɗin. Amma in bai rubuta ba a lokacin, da kwanan wata da sakamakon labo da hoton kwalbar, bayan shekara huɗu sai dai ya ce ai mun gyara beton.

A ICE, ƙungiyar injiniyoyin gini ta Ingila da ake bi ta wurinta a samu CEng, za ka kai rahoto da bai wuce kalma 5,000 ba, ka yi bayani na minti 15, sannan injiniyoyi biyu su zauna da kai. Ba lissafin makaranta za su tambaye ka ba. Za su ce me ya sa ba ka jira kwana 28 ba, nawa tsayuwar ta ci, da shef ya dage fa me za ka yi, wa zai cutu in dalon ya tsage da damina. Wanda ya ari aikin wani tambaya ta uku ba ya wucewa.

Sai masu tsaya maka, inda al'adarmu take cutar da mu. Mun saba da a je wurin Alhaji wane ko babban darekta a gaishe shi ya buga kashe. Amma mai tsaya maka shaida yake bayarwa da sunansa da lambar rajistarsa cewa ya san aikinka kuma ka isa. A ICE jagoran masu tsaya maka dole ya zama mamban ƙungiyar mai matakin da kake nema ko sama, ya karanta rahoton ya yarda ka shirya. Na san samun irin wannan a Garwa ko Gaundere da wuya, shi ya sa nake cewa ka nemo shi tun shekarar farko ko da ta waya ne, duk wata uku ka tura masa abin da ka yi, ka ce yaya ko malam duba min ina na rage. In ya ce maka ba ka taɓa riƙe kuɗin aiki ba, koma ka roƙi a ba ka ko ƙaramin ɓangare ne ka riƙe da kanka.

Ku kuma manyanmu masu rajista, don Allah kar ku sa wa yaro hannu saboda kunyar babansa. Ku zaunar da shi awa ɗaya ku yi masa tambayoyin nan da zafi, in ya kasa ku faɗa masa ya ƙara shekara, ku kuma ba shi aikin da zai cike gurbin da ita.