Yatsan Kawu

Hoton ya shigo wayata da hantsi, ina zaune bakin shagon wani abokina a Aboabo, cikin Kumasi, ina shan koko. Kawu ne ya turo. Ya je Asawase gaisuwa, ya ga takarda manne a allon sanarwa, wai wata gidauniya za ta ɗauki nauyin karatun jami'a na 'yan Zango. Ya ɗauke ta hoto kamar yadda ya saba ɗaukar komai, a karkace, ga babban yatsansa ya rufe kusurwar ƙasa ta dama. A ƙasa ya biyo da saƙon murya: "Ɗana, wannan naka ne."

Ban ƙarasa kokon ba. Na ruga gida na jawo ambulan ɗin da ke ƙarƙashin katifar Mma, inda takardun gidanmu duka suke kwana tare da rasitin wuta da katin awon jarirai.

Sharaɗin farko da na gani shi ne "Aggregate 15 or better". Na buɗe sakamakona na WASSCE na fara tarawa. Turanci C4, lissafi B3, kimiyya C6, soshiyal A1. Sai darussan zaɓi huɗu: gwamnati B2, tarihi B3, addinin Musulunci A1, tattalin arziki D7. Na haɗa lambobin takwas ɗin, suka ba ni 27. Na tsaya tsakar gida na ɗaga takardar sama, na ce wa Mma suna neman 15, ni kuwa ina da 27, har da rarar da zan ba maƙwabta. Mma ta fara guɗa.

Ƙanwata na gefe tana tsince shinkafa. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Yaya, agirigeti ba kuɗi ba ne. Wanda ya fi ƙanƙanta shi ya fi kyau."

Wallahi na san haka. Shekara uku na yi a sakandare ana faɗa mana. Amma shekarun da na yi ina saida caja da murfin waya a Kejetia sun koya wa kaina cewa duk lambar da ta fi girma ita ce riba. Guɗar Mma ta tsaya a tsakiya, kamar an ɗauke wuta.

Yarinyar ta ture farantin, ta karɓi takardar. A1 maki ɗaya ne, B2 biyu, haka har F9 mai tara, saboda haka wanda ya cinye komai da A1 shi ke da 6. Kuma ba takwas ake tarawa ba, shida ne: uku daga darussan dole, uku daga na zaɓi. A na zaɓi ta ɗauki mafi kyau, addini 1, gwamnati 2, tarihi 3, shida ke nan. D7 ɗina ta jefar da shi gefe kamar tsakuwar shinkafa, ta ce dama ba a ƙirga shi a matsayin kiredit, daga C6 ake tsayawa. A na dole, Turanci da lissafi ba a taɓa su, bakwai ke nan. Saura guda.

Nan ne gizo ke saƙar. Idan soshiyal aka sa na ukun, ina da 14, na shige da ƙyar da maki ɗaya. Idan kimiyya aka sa, C6 ɗin nan zai kai ni 19, ko ƙofar ba zan leƙa ba. Jami'o'i kan duba fannin da mutum yake nema kafin su ce wanne za a ƙirga, mai neman karatun kimiyya ba ya tsere wa kimiyya. To ita gidauniyar me ta ce? Na buɗa hoton da yatsu biyu har haruffan suka zama kamar ƙudaje. Layin ya fara da "Core subjects counted: English, Maths and", daga nan sai farcen Kawu, da ɗan lallen da ya rage masa tun Sallah.

Na kira shi. Ya ce shi bai karanta ba, gilashinsa na gida, amma ya tabbata alheri ne a wajen.

Mai hankali da nan zai hau mota ya je Asawase, tafiyar da ko a ƙafa ba ta gagari yaro ba. Ni kuwa na yanke wa kaina hukunci cewa soshiyal ne, tunda ni nake so, na wuce sharaɗi na gaba. Kada mai nema ya kai shekara 26 kafin 31 ga Agusta. An haife ni 9 ga Satumba. Kwana tara suka cece ni, har na je na yi wa Mma godiya da ta yi haƙuri ba ta haife ni da wuri ba.

Na uku, sunan da ke kan takardu duka ya zama iri ɗaya. Na jera su a kan tabarma. A takardar haihuwa sunan mahaifina Mahamadu. A satifiket ɗin jarrabawa Mohammed. A Ghana Card ɗina Muhammed. Baba mutum ɗaya ne, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa sanin ya rabu uku ba. Duk ɗan Zango ya san wannan ciwon, kowane akawu rubuta sunan yake yadda kunnensa ya ji, mu kuma mu karɓa mu ce mun gode. Maganinsa a irin wannan neman shi ne takardar rantsuwa, ka je gaban mai rantsarwa ka bayyana cewa sunayen uku na mutum ɗaya ne, a buga hatimi. Wasu wuraren ma ba sa tsayawa nan, sai an buga gyaran a gazet ɗin gwamnati.

Washegari na rufe teburina na tafi Adum. Na biya mai buga takarda, na biya hatimi, na yi hoton fasfo har sau biyu domin na farko na fito kamar wanda ake nema. Na yi fotokwafin komai bibbiyu, na sayi sabuwar ambulan mai ruwan ƙasa. Cinikin kwana huɗu ya tafi. Da na dawo, Mma ta riga ta gaya wa matan layinmu, wata tsohuwa har ta fara kirana lauya.

Ranar Alhamis na sa farar riga na tafi kai takardu. Ƙanwata ta ce za ta raka ni, wai tana da saƙo a Asawase. Muka iske allon, takardar na nan, iska ta ɗan yage gefenta. Na sunkuya wajen da yatsan Kawu ya zauna. Kalmomin da suka ɓoye su ne "Integrated Science". Sha tara ke nan. Ina cikin haɗiye wannan sai na ga akwai wani layi a ƙasa da hoton bai kama ba sam, da manyan baƙaƙe: "Female applicants only", wato mata zalla.

Na daɗe a sunkuye, kamar mai neman allurar da ta faɗi.

Ƙanwata ta matso ta karanta daga sama har ƙasa, a hankali, da yatsa. Ita kimiyya ta karanta, bara ta gama, agirigetinta 11. Ta zaro takardunta daga cikin hijabi, a naɗe cikin leda. Ashe tun daren Talata ta leƙo wajen ta gani.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na ga kana murna, Yaya. Kuma ina son in ga inda ake yin takardar rantsuwar, sunan Baba a nawa ma uku ne." Ta dubi hannuna. "Ambulan ɗin nan, kana da amfani da ita?"

Na zazzage takarduna na miƙa mata. Muna hanyar komawa Kawu ya kira, yana tambaya ko an dace. Na ce an dace, Kawu. Ya ce ai ya faɗa min, hoton da ya ɗauka ba ya faɗuwa ƙasa banza.