Ruwan da ɗalibai ke mantawa a cikin iskar da suka tara

Duk wanda ya koyar da ilimin sinadarai a sakandare ya san wannan gwajin. A cika silinda mai awo da ruwa, a kifa ta cikin kwano, a saka bututu ta ƙarƙashi, iskar gas ta riƙa hawa kumfa-kumfa tana tura ruwan ƙasa. Ɗalibi ya karanta yawan iskar, ya rubuta. Daga nan malam ya ce a cire matsin tururin ruwa, yara su cire lambar da ke cikin littafi, a wuce. Abin da ke damuna shi ne wannan lambar ta littafi. Sau da yawa ta wurin da zafinsa bai wuce digiri 20 ko 25 ba ce, mu kuwa a watan Afrilu ɗakin gwajinmu ya fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba. A ganina, duk malamin da ya bar ɗalibi ya cire lamba ba tare da ya tsoma ma'aunin zafi a ruwan ba, hadda ya koyar, kuma haddar da za ta ba da amsar da ba daidai ba.

Tushen maganar dokar John Dalton ce, wadda ya fito da ita a Manchester a 1801. Idan iskoki suka gauraya a mazubi ɗaya, kowace tana bugun bangon mazubin kamar ita kaɗai ce a ciki, jimillar matsin kuma shi ne haɗin nasu. Iskar da ta bi ta cikin ruwa ta zauna a kansa kuwa ba ita kaɗai ba ce a silindar. Ruwa yana ta sakin tururi cikin sararin da ke samansa har sai wurin ya ƙoshi. To ashe abin da ma'auni ya nuna na abu biyu ne:

```
P(jimilla) = P(gas) + P(H2O)
x(gas) = P(gas) / P(jimilla)
```

Layi na biyu shi ne kason mol, wato cikin dukan ƙwayoyin da ke silindar, nawa ne na iskar da muke nema. Shi ne ya kamata a fi tsayawa a kai, domin shi ke mayar da lissafin ya zama abin da yaro zai iya hangowa.

Matsin tururin ruwa zafi kawai yake bi, kuma ba a hankali yake hawa ba. A digiri 20 yana kan 17.5 mmHg, a digiri 25 ya kai 23.8, a digiri 35 ya zama 42.2, a digiri 40 kuwa 55.3. Girman silinda bai shafe shi ba, haka ma irin iskar da aka tara. Wani ɗalibi ya taɓa ce mini, "Malam, ai yanzu hunturu ne, iska a bushe take, babu tururin da za a cire." Na ji daɗin tambayar, don ta nuna yana tunani. Sai na nuna masa ɗigon raɓa da ya kwanta a jikin gilashin ta ciki. Bushewar da ke fasa mana leɓe a waje take. Cikin silindar da ke kife a kan ruwa, iska a jiƙe take sharkaf ko da rani ko da damina.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. An yanko zaren magniziyam mai nauyin giram 0.040, an kankare shi, an jefa cikin asid na HCl, an tara haidurojin a kan ruwa. Kowane mol na ƙarfen yana ba da mol ɗaya na iskar. Zafin ruwan digiri 35 ne, wato 308 a ma'aunin Kelbin. Baromita, wato ma'aunin matsin iska, ta nuna 720 mmHg, abin da ba zai ba kowa mamaki ba a gari irin Kano da ke kusan mita 500 sama da teku. An karanta mililita 46.6.

Matsin haidurojin shi ne 720 a cire 42.2, saura 677.8. Kason mol ɗinsa 0.941, na tururi kuma 0.059. Ma'ana, cikin kowace ƙwaya goma sha bakwai da ke silindar, ɗaya ta ruwa ce. A ɗakin da zafinsa digiri 20 ne a bakin teku, ɗaya ce cikin arba'in da uku. Wannan bambancin shi ne dukan hujjata: gyaran da wani zai iya ɗauka ƙarami, a wurinmu ya ninka fiye da sau biyu.

Sai a nemo yawan mol, n, inda P matsin haidurojin ne, V yawan iskar a lita, T zafi a Kelbin, R kuma 62.36:

```
n = PV / RT
n = (677.8 × 0.0466) / (62.36 × 308) = 0.001644
```

A raba giram 0.040 da wannan, nauyin mol na ƙarfen ya fito 24.3, daidai da na magniziyam. Wanda bai cire tururi ba zai samu 22.9, amsar da ta fi kama da sodiyam, ƙarfen da bai ma taɓa ba. Wanda ya cire 23.8 ta littafi zai tsaya a 23.7. Wanda ya haɗa laifi biyu, ya ɗauki 760 don ita ya haddace kuma bai cire komai ba, zai ƙare a 21.7. Gwaji ɗaya, silinda ɗaya, hannun yaran bai yi kuskure ba ko kaɗan, amma amsa huɗu.

Na san abin da abokan aiki za su ce: jarrabawa tana ba da lambobin a cikin tambaya, kuma makarantu da yawa ba su da baromita. Gaskiya ne. Amma ma'aunin zafi ba tsada gare shi ba, jadawalin matsin tururi kuma rabin shafi ne da za a manna a bango. Batun baromita, a yi hattara da lambar da manhajar hasashen yanayi ke nunawa a waya, domin galibi an mayar da ita kamar a bakin teku aka auna. Wanda ke Jos, sama da mita 1,200, idan ya yarda da ita ya ƙara wa kansa matsin da babu shi a ɗakin.

Akwai sharaɗin da ake yawan tsallakewa. Cewa matsin cikin silinda daidai yake da na baromita gaskiya ne kawai idan ruwan ciki da na kwano sun daidaita tsayi. In na ciki ya fi tsawo, to iskar ba ta kai matsin waje ba, ruwan da ya rage a tsaye ne ke cike giɓin. Milimita 13.6 na ruwa suna daidai da 1 mmHg, don haka tazarar santimita 10 tana nufin a ƙara cire 7.4. Mafi sauƙi, a nutsa silindar a bokiti mai zurfi har layukan biyu su haɗu, sannan a karanta. A kuma ba ta 'yan mintuna, domin haɗuwar ƙarfe da asid tana fitar da zafi, iska mai ɗumi kuma takan kumbura.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren da ke rufa wa ɗan'uwansa asiri. Mantawa da tururi yana sa mol ya yi yawa. Yoyon bututu, ko zaren da ba a kankare farin da ya hau shi ba, suna sa ya ragu. Sai su ci juna, yaro ya samu 24, kowa ya yi murna. Shi ya sa nake neman ɗalibi ya nuna mini zafin ruwan da kason mol ɗin da ya fitar kafin in dubi amsarsa. Idan iskar da aka samu ta zarce abin da ƙarfen zai iya bayarwa, tururi nake fara tuhuma. Idan ta gaza, sai mu shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututun mu jira kumfa. In kuwa iskar mai narkewa ce sosai a ruwa, irin amoniya, babu lissafin da zai cece ta. Sai a tara ta a sirinjin gas busasshe.