Kafin ka sayar da ofshin mai saura kwana ɗaya

'Yan'uwana matasa masu leƙa kasuwar hannun jarin Amurka ta waya, akwai wata magana da nake yawan ji a bakinku, kuma ba ta min daɗi. Sai ka ji yaro yana cewa: "Ni ai ba saye nake ba, sayarwa nake. Na karɓi kuɗina tun farko, gobe wa'adi ya cika, shi ke nan." Ana faɗinta kamar an samu saniyar tatsa. Wanda ya ce haka agogo kawai yake kallo, bai kalli gamma ba, alhali ita ce take cin mutane a kwanakin ƙarshe.

Ga wanda bai saba ba, ofshin yarjejeniya ce. Wani ya ba ka kuɗi a hannu, kai kuma ka ɗauki alkawarin za ka sayar masa da hannun jari a kan farashin da kuka yanke, in ya nema kafin wa'adi ya cika. Wannan shi ake kira kol. In alkawarin na saye ne daga hannunsa, sunansa fut. A kasuwar Amurka kwantiragi ɗaya hannun jari 100 ne, don haka duk abin da ka gani a allo ka ninka shi sau ɗari. Zan faɗi wannan sau ɗaya in wuce: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa irin wannan ciniki bai halatta ba. Wanda wannan ya dama ya tuntuɓi malaminsa. Ni lissafin zan yi magana a kai, domin na ga masu shiga ba su san ramin da ke gabansu ba.

A allon dillalinka akwai lambobi biyu. Delta tana gaya maka nawa ofshin zai motsa in hannun jarin ya motsa da dala ɗaya. Gamma kuma tana gaya maka nawa ita deltar kanta za ta canza bayan wannan motsin. To me ya sa gamma take kumbura in wa'adi ya matso? Ka duba ranar ƙarshe, minti na ƙarshe. Kol ɗin da aka yanke a dala 100 abu biyu kawai zai iya zama. In farashi ya rufe a sama da 100, ya zama hannun jari ɗari cif. In ya rufe a ƙasa, ya zama takardar banza. Wato delta dole ta ƙare a ɗaya ko a sifili. Lokacin da saura wata guda, kasuwa tana da sararin yin shakka, domin farashi na iya zuwa 108 ya dawo 94, sai delta ta riƙa tafiya a hankali a kan doguwar hanya. In saura kwana ɗaya, tafiyar nan duka, daga sifili zuwa ɗaya, an matse ta cikin tazarar 'yan daloli kaɗan a gefen 100. Tsayin tudun bai canza ba, gangaren ne ya koma tsaye kamar bango.

Ga ofshin da ke daidai kan farashin da aka yanke, akwai ƙiyasin da za ka iya yi a bayan takarda:

```
gamma ≈ 0.4 / (S × σ × √T)
```

S farashin hannun jari ne, σ yawan kai-komonsa a shekara, T kuma lokacin da ya rage, a ma'aunin shekara. Abin lura shi ne T yana ƙasa. In lokacin da ya rage ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, gamma ta ninka biyu.

Mu ɗauki misali, lambobin nawa ne don koyarwa, na kuma bar kuɗin ruwa da ribar da kamfani ke rabawa a gefe. Hannun jari yana dala 100, kai-komonsa kashi 30 cikin ɗari a shekara. Ka sayar da kol da fut a tare, duka a kan 100, domin ka yi imani farashi ba zai je ko'ina ba. In saura kwana 30, za a ba ka kusan dala 686, gammar kowane ɗaya kuma wajen 0.046. In saura kwana ɗaya, dala 125 kawai za ka karɓa, amma gammar kowane ɗaya ta kai 0.25, ta ninka ta farkon fiye da sau biyar.

Yanzu labari ya fito, farashi ya tashi zuwa 102 nan take. Kashi biyu cikin ɗari ne fa, abin da hannun jari ke yi ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Mai kwana 30, abin da ya sayar a 686 ya koma kusan 711. Asararsa dala 25, ko a jikinsa. Kai mai kwana ɗaya, kol ɗinka ya tashi daga santi 63 zuwa dala 2.08, fut ɗin ya faɗo zuwa santi 8. Abin da ka karɓi 125 a kansa yanzu sai ka biya 216 kafin ka fita. Motsi ɗaya ne ya same ku, shi ya rasa ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari na abin da ya karɓa, kai ka rasa sama da kashi saba'in.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne halin da ka tsinci kanka bayan motsin. Da safe ba ka da ɓangare, deltar kol da ta fut sun kashe juna. A 102 deltar kol ta kai 0.90, ta fut ta koma 0.10, sai ga ka kamar wanda ya ci bashin hannun jari 80 ya sayar, a kasuwar da ke hawa. Ba ka danna komai ba, gamma ce ta ɗora maka. Da ƙasa farashin ya yi zuwa 98, da ka wayi gari kamar mai riƙe da hannun jari 80 a kasuwar da ke zubewa. Duk inda farashi ya nufa, mai sayar da ofshin yana samun kansa a ɓangaren da ke asara, kuma kayan suna ƙara nauyi yayin da tafiyar ke nisa.

Nan ne masu wayo a cikinku za su ce, to ai sai in kare kaina. Mu gwada. A 102 ka sayi hannun jari 80 don ka toshe ɓarakar. Bayan awa ɗaya farashi ya dawo 100, delta ta koma sifili, hannun jarin da ka saya ba su da aiki, ka sayar a 100. Ka yi asarar dala 160, fiye da 125 ɗin da aka ba ka gaba ɗaya, kuma farashi yana nan inda ya kwana. Ka saya da tsada ka sayar da araha, ba don wauta ba, tsarin abin ne ya tilasta ka. In farashin ya yi ta nisa da 100 da dala biyu yana dawowa sau uku kafin a tashi, sau uku za ka biya wannan kuɗin, ban da na dillali.

Na san dalilin da ya sa abin ke jan ku. Lamba ta uku a allo, Theta, tana nuna abin da ofshin ke zubarwa kullum saboda wucewar lokaci, kuma ga mai sayarwa wannan riba ce. Kusa da wa'adi tana da girma ƙwarai. Mai kwana 30 a misalinmu yana samun kusan dala 11 a rana, kai kuwa kana hangen 125 a rana ɗaya. Sai dai ba kyauta aka ba ka ba, ladan ɗaukar gamma ne, tare suke hawa tare suke sauka. Kuma lissafinsu ba iri ɗaya ba ne. Ladan lokaci yana da iyaka, ba zai wuce abin da ka karɓa ba. Asarar gamma kuwa, a ƙananan motsi, in motsin ya ninka biyu ita ninkawa huɗu take. In aka rufe a 101, ka ci dala 25. A 102, ka rasa 75. A 105, ka rasa 375, wato kuɗin rana uku da komai ya tafi daidai ba ko kuskure, irin ranar da farashi ya rufe a 100 cif, wadda da wuya ka gan ta.

Wasu kuma sun ce su nesa suke sayarwa, inda farashi ba zai kai ba. Kol na 103 mai saura kwana ɗaya, a misalin nan, wajen santi 2 ne, gammarsa ƙarama, 0.04, allo yana nuna maka lafiya lau. Saboda kuɗin ba yawa sai mutum ya sayar da kwantiragi hamsin don ya tara dala 100. Farashi ya je 102, bai ma taɓa 103 ba, ofshin ya koma santi 26, gamma ta haura 0.20. Dala 100 da ka karɓa ta zama bashin 1,300. Gammar da ka karanta da safe ta wurin da farashi yake tsaye ce a lokacin, ba ta wurin da zai je ba. Tun 2022 da kasuwar Cboe ta Chicago ta cike ranakun mako, har ya zama kowace ranar aiki akwai ofshin ɗin SPX, wato na ma'aunin farashin manyan kamfanonin Amurka, da ke ƙarewa, wannan tarkon kullum a ɗane yake, ba sai Juma'a ba.

Saboda haka kafin ka danna, kada ka tsaya a lambar gamma ta yanzu. Ka ɗauki biro ka rubuta abin da za ka biya in farashi ya motsa kashi biyu, da kashi biyar, sama da ƙasa, ka ninka da ɗari, ka ninka da yawan kwantiragin. In lambar ta fi abin da za ka iya rasawa ka yi barci, ka rage, ko ka sayi wani ofshin can gaba da naka don asarar ta samu rufi. In kuma ka riga ka ci mafi yawan kuɗin, saura santi biyar ko goma, ka saya ka rufe. Tsayawa don santi goman nan shi ne ɗaukar gamma mafi zafi a kan lada mafi ƙanƙanta.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan an tashi. Ana daina cinikin ofshin na hannun jarin kamfanoni da ƙarfe 4 na yamma agogon New York, kuma hukumar OCC, mai tabbatar da an cika alkawuran ofshin, tana zartar da duk ofshin ɗin da ya shiga riba da ko santi ɗaya ne kai tsaye. Amma mai riƙe da ofshin yana da dama har zuwa 5:30 ya ba da umarnin da ya saɓa wa haka, duk da wasu dillalan suna rufe nasu kafin lokacin. A ce ka sayar da kol goma a kan 100, aka rufe ranar Juma'a a 99.98, ka kwanta kana murna. Ƙarfe 4:20 labari ya fito, farashi ya koma 101 a cinikin bayan tashi, masu kol suka nemi haƙƙinsu. Kai ba ka da hanyar fita daga ofshin a lokacin, sanarwar ma sai cikin ƙarshen mako take iso ka. Ranar Litinin ka buɗe waya ka tarar ana bin ka hannun jari 1,000, na sama da dala 100,000, kuma a farashin da kasuwa ta buɗe za ka saya ka mayar.